Gyaran haske a gaban LUT ake yinsa

Wannan lacca ce da wani mai haɗa bidiyo ya yi wa matasa masu ɗaukar biki da suna a wani ƙauye kusa da Ringim, a ajin makarantar firamare, bayan la'asar. An rubuto ta daga abin da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Ƙannena, ku matso kusa da kwamfutar, don abin da zan faɗa sai ido ya gani.

Wannan hoton da ke kan allo na ɗauke shi ne ranar ɗaurin aure, ana gab da azahar. Dattijon nan yana zaune a gindin darbejiya, sanye da farar babbar riga mai aiki a wuya. Kun ga hoton ya yi fari-fat kamar an bi shi da toka. Kamarar lafiyarta ƙalau. Da S-Log3 na ɗauka, shi kuma log aikinsa ya tattaro hasken rana da duhun inuwa ya matse su a tsakiya, don kada ɗayansu ya salwanta. Allon waya da talabijin kuwa Rec.709 suka sani. To LUT shi ne mai mayar da wancan zuwa wannan.

Mene ne LUT ɗin kansa? Jadawalin lambobi ne kawai, a fayil mai ƙarewa da .cube. Wanda aka fi amfani da shi yana da ɗigo 33 a kowane ɓangare na ja da kore da shuɗi, jimla ɗigo 35,937, abin da ya faɗo tsakaninsu kuma kwamfuta ta ƙiyasta. In ka ba shi lamba kaza, zai mayar maka da lamba kaza, shi ke nan. Bai san fuskar Alhaji ba, bai san rigar fara ce ba. An gina shi ne a kan zaton cewa haskenka daidai yake, launin farinka ma daidai yake. Mu kuma da muke ɗauka a ranar Jigawa, mutum rabinsa a inuwa rabinsa a rana, da wuya mu cika wannan sharaɗin.

Bari in ɗora masa s709 na Sony, wanda aka yi wa S-Log3 da S-Gamut3.Cine, ku gani. Launi ya dawo, ganye ya yi kore. Amma ku dubi wuyan rigar. Zaren aikin nan da mai ɗinki ya yi kwana da kwanaki a kansa ya kusa ɓacewa, ya narke cikin farin yadin. Fuskar ma ta yi haske fiye da yadda mutumin yake. Abin nan yana damuna ƙwarai, domin dattijo ya sa rigarsa ta alfarma, mu kuma mu miƙa masa bidiyon da ba a ganin aikinta.

A nan ne yawancinmu muke kuskure. Sai mutum ya buɗe nod, wato ɗan akwatin gyara a manhajar DaVinci Resolve, a bayan LUT ya riƙa jan haske ƙasa. Ga shi na yi. Rigar ta koma toka-toka, amma aikin bai fito ba. Dalili kuwa, LUT ya riga ya tattara lambobin sama masu yawa ya cusa su a ɗan siririn wuri, wani ma yanke su yake yi gaba ɗaya. Abin da aka riga aka niƙa ba ya komawa tsaba. Tsakuwa a gida ake tsince ta, kafin a kai gero inji.

Don haka a DaVinci Resolve nod uku nake jerawa. Na farko na haske da daidaita fari, na biyu LUT shi kaɗai, na uku na ƙarasawa. Hannuna yana aiki a na farko, idona yana kallon abin da ya fito bayan na biyu.

Yanzu sai lissafi, kuma ba mai wuya ba ne. Na kashe LUT, na buɗe Waveform, ma'aunin hasken hoto daga 0 zuwa 1023. A S-Log3, katin toka mai mayar da kashi 18 cikin ɗari na haske yana zama a 420, fari mai mayar da kashi 90 kuma a 598. Kafin a fara ɗaurin auren na sa yaro ya riƙe katin a gaban dattijon na daƙiƙa biyu. Ga shi nan, ya zauna wajen 535, rigar kuma wajen 715. A wannan yankin, duk ninki ɗaya na haske, wato mataki ɗaya, yana ɗaga layin da kusan 77. Ke nan na wuce da mataki ɗaya da rabi. Da gangan na yi, don kada inuwar ta yi yashi-yashi, amma LUT bai san da wannan ba.

Sai in kama Offset a nod na farko in ja ƙasa, har katin ya sauko 420. Na zaɓi Offset ne saboda a cikin log ƙarin haske yana ɗaga kusan dukan hoton da adadi ɗaya, shi kuma Offset sauke shi yake yi da adadi ɗaya. Rigar ta dawo wajen 600. In kunna LUT. To, ku duba wuyan. Ga zaren nan, har inda ya ɗan tashi ana gani.

Wani daga baya ya ce, “Yaya, kafaɗar da rana ta taɓa fa? Har yanzu fara ce sol.”

Madalla da ka lura. Kashe LUT ka dubi Waveform a daidai wurin. Ka ga layin nan da ya miƙe sambal a sama kamar an ja shi da rula? Wannan tun a kamara ya ƙone. Na sauke shi ya sauko, amma a miƙe ya sauko, babu komai a cikinsa. In ka ga layin yana da tudu da kwari, akwai abin cetowa. In ya miƙe, sai haƙuri, gobe ka matsar da kujerar cikin inuwa sosai.

Saura launi. Hasken da ya ratso ganyen darbejiya yana ɗauke da kore, shi ya sa goshin ya yi kamar na marar lafiya. Shi ma a nod na farko nake gyara shi da Tint, kaɗan-kaɗan, ina kallon Vectorscope, ma'aunin launi, har katin ya koma tsakiya, fatar kuma ta hau layinta. A log koren nan da ƙyar ake ganinsa, LUT ne yake kumbura shi.

Kuma ina roƙonku, kada ku ɗaga fuskar baƙin mutum zuwa kashi 70 cikin ɗari a Waveform don kun ji ana faɗin haka a intanet. Wannan lambar ta masu farar fata ce. Fatar dattijon nan ƙasa da katin toka take zama, nan ne mazauninta. In fuskar ta yi duhu da yawa, a nod na uku zan zagaye ta da Power Window in ɗaga ta kaɗan, ban taɓa rigar ba. A nan kuma nake rage kaifin koren ganye in ya yi yawa.

Wata ta ce ita da Premiere take aiki, kuma takan rage ƙarfin LUT zuwa rabi in ya yi tsanani.

Ƙanwata, LUT ɗin ado ake rage wa ƙarfi. In kika rage ƙarfin mai juya log zuwa rabi, kin gauraya log da Rec.709, hoton zai fito ba gishiri, launin ma ba daidai ba. Sannan ki kula, Input LUT na Basic Correction yana aiki ne kafin maɓallan da ke ƙasansa, wato duk gyaranki a bayansa yake faɗawa. Ki sa Lumetri, wato kayan gyaran launi na Premiere, guda biyu, na sama na haske, na ƙasa na LUT. Ko kuma ki ɗora LUT a Adjustment Layer da ke saman bidiyon, gyaran ya zauna a kan bidiyon kansa.

Na ji ana kiran magariba. Bayan salla kowa ya kawo katin memorin kamararsa, mu fara da wanda ya ɗauki hawan doki a cikin ƙura.