Yadda ake ajiye kalmar dariya a ƙarshen barkwanci

Masu sauraro, barkanku da warhaka. Darasinmu na yau a kan jimlar ƙarshe ta barkwanci ne, wato inda ake so dariya ta ɓarke. A cikin wannan jimla akwai kalma guda da ke juya ma'anar labarin, kuma a bakinta ya kamata ka yi shiru. Ku saurari wannan.

Wani mutum yana fama da hawan jini, likita ya ce masa ya kula da abin da yake ci. Bayan wata guda ya dawo, aka auna, jini ya sauka. Likita ya ce, "Madalla! Me ka daina ci, gishiri ko kitse?" Ya ce, "A'a likita, na dai daina cin... bashi."

To, kalmarmu a nan ita ce "bashi". Gishiri da kitse sun riga sun kai hankalin mai sauraro wajen abinci, yana jiran ya ji sunan wani abin ci, sai ya ji wani cin daban. Yanzu a juya ta: "Bashi na daina ci, likita, tun ranar da ka yi mini magana." Kalmar ta fito tun farko, sauran kalmomi goma sha ɗaya kuma suka danne ta. Mutane za su fara dariya, su ga bakinka bai tsaya ba, su haɗiye ta don kada wani abu ya wuce su. Alamar ke nan: murmushi ya bayyana a tsakiyar jimla, ka kai ƙarshe wuri ya yi tsit.

Hausarmu tana da wani tarko a nan. Mun saba jawo abin da muke son jaddadawa zuwa gaban jimla, a barkwanci kuwa sai ka danne wannan sabo. Haka korewa: in ka ce "ban ƙara cin bashi ba", wannan "ba" ta zauna a wurin da ba nata ba. Gaɓa ɗaya ce, ba ta kashe dariya, amma tana rage mata kaifi. Shi ya sa muka zaɓi "daina". Kiran suna, irin su "likita", shi ma a dawo da shi farko.

Sai dakatawa. Bayan "cin" ka tsaya kamar daƙiƙa ɗaya. In ka ja ta kai uku, wani zai canka ya riga ka faɗa. Murya kuma takan sauka a ƙarshen jimla, don haka ka fitar da kalmar sarai, na baya ma su ji.

Kada "bashi" ko "kuɗi" su fito a shimfiɗar labarin ko sau ɗaya. Da ka faɗi kalmar, rufe bakinka, kada ka yi bayani, kada ka riga su dariya. Sai ka ji dariyar ta fara lafawa sannan ka ci gaba da magana.