Yadda Za Ku Sa Gmail Ya Ware Muku Takardun Biyan Kuɗi Da Kansa

Tacewar imel a Gmail bincike ce da aka adana, aka ɗora mata umarni. Duk saƙon da ya shigo sai a gwada shi da wannan binciken, in ya dace a yi masa abin da kuka ce. Don haka aikin daga akwatin bincike yake farawa, kuma a kwamfuta za a yi shi, domin manhajar waya ba ta da wurin ƙirƙirar tacewa.

A ce akwai kamfanin da ke turo muku takardar biyan kuɗi kowane wata, kuna so ta riƙa tafiya wuri guda. Amma kamfanin yana turo talla, yana turo sanarwa, duk da suna ɗaya. Ku rubuta wannan a akwatin bincike, ku sa na kamfanin a madadin example.com:

```
from:example.com subject:(invoice OR receipt) filename:pdf
```

Sharuɗɗa uku ne a nan. Na farko mai aikowa. Mun rubuta abin da ke bayan alamar @ kaɗai, saboda yau saƙon na iya fitowa daga sashen kuɗi, gobe daga wani ma'aikaci, adireshin ya canja amma sunan kamfanin na nan. Na biyu kalmomin kan saƙo. Na uku irin fayil ɗin da aka liƙa. Tazarar da ke tsakaninsu na nufin sai duka ukun sun cika. Saƙo ya zo daga kamfanin, da kalmar a kansa, amma babu PDF? Tacewar ba za ta taɓa shi ba.

Wannan OR ɗin kuwa, lallai ku rubuta shi da manyan baƙaƙe. Da shi, ɗaya daga cikin kalmomin biyu ta wadatar. In kuka cire shi, Gmail zai nemi saƙon da ke da kalmomin biyu a tare, sai ku ga babu abin da ya fito. Kada kuma ku gutsure kalma, rubuta inv ba zai kamo invoice ba.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe. A fom ɗin tacewa akwai ɗan akwati mai suna Has attachment, ana ganinsa sai a latsa a ce an gama. To, shi wannan bai damu da irin fayil ba. Hoto ne, takarda ce, duk ɗaya ne a wurinsa, har tambarin kamfani da ke ƙasan saƙo wani lokaci yana shiga lissafi. Shi ya sa muka zaɓi filename:pdf. Idan kuma mai aikowa mahaɗin Google Drive ya turo a madadin fayil, wannan sharaɗin zai iya tsallake shi, sai ku gwada has:drive.

Kafin ku ƙirƙiri komai, ku latsa bincike ku karanta sakamakon da idonku. Ni wannan matakin na fi ba muhimmanci. Abu biyu za ku duba: akwai saƙon da ya shigo jerin alhali bai kamata ba? Akwai kuma takardar da kuka san tana nan amma ba ta fito ba? In talla ce ta kutsa, ku ƙara alamar ragi a gaban wata kalma da ke cikinta, kamar -newsletter. In takarda ce ta ɓace, ku buɗe ta ku ga kalmar da ke kanta, wataƙila statement suka rubuta, sai ku ƙara ta da wani OR.

Jeri ya yi daidai? Ku latsa alamar da ke gefen dama na akwatin bincike, sannan Create filter. Ku zaɓi Apply the label, ku ba lakabin suna. Akwatin da ke can ƙasa, wanda ya fara da Also apply filter, shi ne zai haɗa da tsoffin saƙonni, in ba haka ba sababbi kaɗai za a tace.

Skip the Inbox na cire saƙo daga gabanku, kuma takardar kuɗin da ba ku gani ba wa'adinta na iya wucewa. Ku bari tacewar ta yi wata guda tana sa lakabi kawai tukuna. Delete it kuwa ku guje shi a nan, domin abin da ya kwana 30 a kwandon shara Gmail na goge shi gaba ɗaya. Haka Never send it to Spam, kada ku yi saurin latsa shi. 'Yan damfara na son turo PDF mai kama da takardar biyan kuɗi da sunan kamfani na jabu, kuma ganin lakabi a kan saƙo ba shaida ba ce cewa na gaskiya ne. In lambar asusun da ke ciki ta canja, ku kira kamfanin kafin ku biya.

Gyara ko goge tacewa kuma yana cikin Settings, ƙarƙashin Filters and Blocked Addresses.