Yadda ake jefa ƙuri'ar adashi ba tare da an bar ƙorafi ba

Assalamu alaikum jama'a. Yau zancenmu a kan adashi ne, musamman ranar da ake yanke wa za ta fara kwasa, wa za ta bi, wa za ta zo ƙarshe.

[Hoto: mata zaune a kan tabarma a tsakar gida, uwar adashi riƙe da littafi]

Bari mu ɗauki adashin matan wata unguwa a wani ƙauye kusa da Wudil. Zubi duk ranar Juma'a da yamma, bayan an dawo daga kasuwa. Hannu 12 ne, kowane hannu naira 5,000, kwasa kuwa naira 60,000. Za ka ji ana cewa ai duk ɗaya ne, kowa 60,000 za ta zuba, 60,000 za ta ɗauka. A lissafin ƙarshe haka ne. Amma duba tsakiyar tafiyar. Wadda ta kwasa a makon farko 5,000 kawai ta zuba, don haka tana riƙe da 55,000 na mutane, za ta riƙa biya a hankali ba ƙarin ko kwabo. Wadda ke lamba ta 12 kuwa sai ta zuba 55,000 kafin makonta ya zo. Ita ce ta ranta wa kowa. Idan farashin masara ko man gyaɗa ya tashi a cikin wata ukun nan, ita ta sha. Idan wata ta kwasa ta daina zubi, waɗanda ke baya su za su ji a jikinsu. Shi ya sa in aka bar uwar adashi ta jera sunaye da ka, ko da zuciya ɗaya ta yi, sai an samu mai cewa an fifita ƙanwar miji.

Ƙuri'a ke cire wannan zargi daga wuyan mutum. Ga masu tambaya ko caca ce: a caca wani ke tashi da kuɗin wani, a nan kuwa kowa kuɗinta cif za ta karɓa, lokaci kaɗai ake rabawa. Ya tabbata a hadisin Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, wadda ta faɗa a kanta ita ke raka shi.

Sai dai yawancin rigimar ƙuri'a tun kafin a naɗe takarda ake shuka ta. Akwai maganganun da dole a gama su da baki, kowa na ji, kafin a san lambar kowa, don da zarar mace ta ga ta ɗauki ta 11, duk wata ƙa'ida da aka kawo bayan nan za ta ga kamar don ita aka ƙirƙiro.

A wannan adashin namu mata 12 ne, hannu ma 12, amma ba kowa ke da hannu ɗaya ba. Hajiya mai sayar da atamfa hannu biyu take zubawa, 10,000 ke nan duk mako. Wasu kishiyoyi biyu kuma sun haɗa hannu ɗaya, kowacce 2,500. To takardar ƙuri'a hannu take bi, ba kai ba. Hajiya takarda biyu, kishiyoyin nan takarda ɗaya tsakaninsu, ranarsu ta zo su raba 30,000 kowacce. In aka ba kowace mace takarda ɗaya ɗaya, lissafi ya karye tun daga tushe.

Sannan maganar uwar adashi. A wurare da yawa ita ke fara kwasa, saboda ita ke bin gida gida, ita kuma ake kamawa in zubi bai cika ba. Ba laifi, in dai an faɗa an yarda. Idan haka ne, a cire lamba ta 1 gaba ɗaya daga ƙuri'a. Saura lamba 11, daga 2 zuwa 12.

Hannu biyun Hajiya na buƙatar a ɗan tsaya a kansa. A ce ta ɗauko lamba ta 2 da ta 3. A mako na uku ta zuba 30,000, ta kwashi 120,000. Naira 90,000 na unguwa na hannun mutum ɗaya, ga mako tara a gaba. Ba a ce Hajiya za ta gudu ba, amma ciwo na zuwa, jari na karyewa. A ganina gara a yi mata tsari tun farko: ta fara ɗaukar takarda ɗaya daga cikin lambobi 2 zuwa 6, ta ɗauki ta biyu daga cikin 7 zuwa 12, sannan a haɗe sauran tara a cakuɗa wa kowa. Ta samu ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ba ta yi asara ba, adashi kuma bai jingina a kanta ba. Haka ita ma baƙuwa, irin amaryar da aka kawo unguwar bana ba a san hannunta ba tukuna: ko dai wata tsohuwar 'yar adashi ta tsaya mata, ko a gaya mata a fili cewa a zagayen farko lambar ƙarshe ce tata. Mu ce a nan uwar mijinta ta tsaya mata, don haka ta shiga ƙuri'a kamar kowa.

[Hoto: hannu na yanka takardar littafi gida gida daidai wa daida]

Yanzu ga aikin kansa. A ciro takarda daga littafi ɗaya, a yanka ta girma ɗaya, a rubuta da biro ɗaya. Wannan ba tsanani ba ne. Takardar da ta fi sauran kauri ko tsawo, yatsa na gane ta ko ido a rufe. Biro mai ɗigar tawada kuma yana nunawa ta baya. Mai rubutu ta rubuta lamba, ta ɗaga sama kowa ya gani, sannan ta naɗe. A kula da 6 da 9, don in aka juya takarda ɗaya kan zama ɗaya. A ja musu layi a ƙasa. Saboda iyayenmu da ba su yi boko ba, a yi ɗigo a gefen kowace lamba daidai adadinta, ɗigo bakwai ga ta 7, yadda Inna za ta ƙirga abinta da kanta ba sai an karanta mata ba.

Naɗi ma iri ɗaya: ninki biyu, a sake ninkawa, mutum ɗaya ya yi duka. A ƙirga su da ƙarfi ana jefawa cikin ƙwarya mai zurfi, a rufe da faifai, a girgiza sosai. Wadda ta rubuta ta naɗe ba ita za ta riƙe ƙwarya ba, kuma ita ce ta ƙarshen ɗauka. Mai riƙewa ta ɗaga ƙwaryar sama da idon mai ɗauka. Mai ɗauka ta janye mayafi daga hannunta, ta buɗe tafinta a gani ba komai, ta ɗauko ɗaya. Kar kowa ta buɗe sai an gama ɗauka duka.

A nan ne ake yawan jin, "Haba Yaya, ni aka bar wa ragowa, masu kyau duk an tsince." Wannan ƙorafi ba shi da tushe, kuma ga dalili. Mu rage abin zuwa takarda uku, ɗaya ce mai kyau. Ta farko na da dama ɗaya cikin uku. Ta ƙarshe fa? Za ta samu mai kyau ne idan ita ce ta rage a ƙwarya. To cikin takardu ukun nan a naɗe, wacce ta fi sauran damar ragewa? Babu. Kowacce na iya zama ita, don haka ita ma ɗaya cikin uku ce. Ko takardun 11 ne, haka lissafin yake. Abin da ke sa mutum ya ji an cuce shi shi ne in ana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, yana kallon lambobin gaba na fita. Shi ya sa muka ce a buɗe tare. Sharaɗin kawai shi ne ba wadda ta iya bambance takardun.

Wadda ba ta samu fitowa ba, ko saboda jego ko maigida bai bari ba, ta aiko wakili tun kafin a fara, a ambaci sunanta kafin ya sa hannu. Kar uwar adashi ta ɗaukar mata, kar kuma a ajiye takardar a ce sai gobe.

[Hoto: takardu a buɗe jere a kan faifai]

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na bayan buɗewa. Kowa ta ajiye takardarta a kan faifai, a jera su 2, 3, 4 har 12. In lamba ɗaya ta fito sau biyu, ko wata ta ɓace, ko aka ga takarda mai wani irin naɗi dabam, ƙuri'ar ta rushe, a sake gaba ɗaya. Ba a gyara rabi. In sun cika, to ta zauna, ko da uwar adashi ba ta ji daɗin yadda ta faɗo ba. Nan take a rubuta a littafi: suna, lamba, da kwanan watan Juma'ar da kowa za ta kwasa. A karanta da ƙarfi, mai waya ta ɗauki hoton shafin, a bar kwafi a hannun wata ban da uwar adashi.

Ƙuri'a ba ta san mai buƙata ba. Mai ƙosai na aurar da 'ya nan da wata ɗaya, ta ɗauko ta 10. Mai ɗinki ta ɗauko ta 3, ita kuwa kuɗin taki take so gab da damina. Su biyun na iya musanya, ba wata daga cikin sauran da makonta ya motsa. Amma a yi shi gaban uwar adashi, a gyara littafi, kuma a duba ko musanyar ta karya abin da aka yarda a kai, kamar hannu biyun Hajiya su dawo jere a gaba ta bayan gida. Kuma kar a sayar da lamba. "Ba ni 3,000 in bar miki makona" ƙari ne a kan rance, abin da malamai ke gargaɗi a kansa ke nan.

In zagaye ya ƙare, mutanen kuma ba su canja ba, ba lallai a sake yanka takarda ba. Ana iya juya jerin: mai ta 12 ta koma ta 2, mai ta 11 ta koma ta 3, mai ta 7 na nan a tsakiya. A zagaye biyu, jiran kowa ya zo daidai, ban da uwar adashi mai lamba ta 1. In kuwa wata ta fita ko sabuwa ta shigo, ko wata ta ƙara hannu, sai a dawo da ƙwarya a sake daga farko.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.