Kashi biyar cikin ɗari, in ji wa?

Ku dubi ɗakin nan da kyau. Rasidai dubu 12 ne na shekara guda jibge a kwalaye, odita kuma mako biyu kacal aka ba shi. Ba zai duba su duka ba, ko da zai kwana a ofis. Ɗiba zai yi.

Tun da muka saki bidiyon da ya gabata ake ta turo tambaya ɗaya: an duba rasidai 200, an samu kuskure a 10, ai kashi 5 cikin ɗari ke nan, to mene ne kuma na "ƙari ko ragin 3" da aka maƙala a rahoto? Wani ma cewa ya yi wai odita ne ke neman mafaka. To, bari mu bi ta.

Ɗibar ba ta da wuya. A fara rubuta abin da ake kira kuskure tun kafin a buɗe kwali: babu sa hannun mai amincewa, ko adadin kuɗi ya saɓa da na littafi. Sai a jera lambobin rasidan a Excel, a sa wannan a gefen kowace, don ya ba ta lambar ƙuri'a:

```
=RAND()
```

A tsara su bisa wannan layin, a ɗauki 200 na sama. Kada akawu ya zaɓo maka. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ya san ba a yanke wa buhu hukunci da abin da ke bakinsa. In kuma lamba ta faɗa kan rasidin da aka nema aka rasa, ba a maye gurbinsa da na kusa da shi, ɓatan nasa ma kuskure ne, a ƙirga shi.

Yanzu ga inda ake zamewa. Goman nan da ka samu, na wannan ɗibar ne. Mayar da takardun, sake ɗibar wasu 200, wataƙila ka samu 7, gobe ka samu 14. Ɗakin bai canza ba, hannunka ne ya faɗa wani wuri. Saboda haka kashi 5 ɗin nan kirdado ne, kuma dole a faɗi iya nisan da zai iya kaucewa. Ga lissafin a allo:

```
=1.96*SQRT(0.05*0.95/200)
```

A nan 0.05 kason masu kuskure ne, 0.95 na marasa kuskure, 200 kuma yawan ɗibar. Ya ba da 0.03, wato kashi 3. Cire 3 daga 5, ƙara 3 a kan 5: daga kashi 2 zuwa kashi 8. Mayar da shi kan ɗakin gaba ɗaya, rasidai masu matsala za su iya zama 240, za su iya kaiwa 960. Kun ga ai ba ƙaramar tazara ba ce. Shi kuwa 1.96 ɗin, shi ne ke ba da tabbacin kashi 95: da za a maimaita ɗibar sau ɗari, kusan sau 95 tazarar da aka lissafa za ta kama adadi na gaskiya. Sau biyar za ta kuskure shi, kuma ba za ka san ranar ba.

A ce ma'aikatar ta yarda da kuskure har kashi 6. Manaja ya ga 5, har ya fara murmushi. Odita kuwa 8 yake kallo, domin iyakar sama ita ce abin tsoro, kuma ta haura 6. Bai ce an faɗi ba, cewa ya yi wannan ɗibar ba ta isa a ce an tsira ba. A nawa ganin, rahoton da ya kawo 5 tsurarta ya fi wanda bai kawo komai ba haɗari.

Kana so tazarar ta ragu da rabi? Ninka ɗibar sau huɗu, 800 ke nan. Sau biyu ba ya yi. Haushi, ko? Haka lissafin yake.

Wani tarko kuma: ka duba 200 ba ka samu kuskure ko ɗaya ba. Lissafin can zai ba ka sifili, kuma ƙarya yake yi, don ba ya aiki sosai in kurakuran sun yi kaɗan. A nan sai ka raba 3 da yawan abin da ka ɗiba. Uku raba 200, kashi 1.5. Wato rasidai 180 masu matsala za su iya lafewa a kwalayen nan ba ka ci karo da ko ɗaya ba.

Ga yadda layin rahoton zai fito: "An duba rasidai 200 cikin 12,000 da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, an samu 10 da kuskure. Kashi 5 cikin ɗari, tsakanin 2 da 8, bisa tabbacin kashi 95." A lura, yawan takardu muka ƙirga, ba naira ba. Rasidi ɗaya na miliyan goma zai iya fin sauran taran nauyi, shi ya sa manyan ake ware su gefe a duba su ɗaya bayan ɗaya.