ECHO ta cinye min ƙafa ɗaya a ESP32

Jama'a, assalamu alaikum. Yau raina a ɓace yake, kuma ba kowa ya ɓata min ba, ni ne da hannuna. Ku dubi wannan bod ɗin, ESP32 ne. Ƙafarsa ɗaya ta mutu murus, ko me na ba ta, abu ɗaya take karantawa. Ga shi nan inda nake babu wanda zan yi wa ƙorafi da Hausa, sai ku.

Sensar auna nisa na haɗa masa, HC-SR04. Ita da bolt 5 take aiki, kuma ƙafarta ta ECHO bolt 5 ɗin take turowa. Shi kuwa ESP32 ɗan bolt 3.3 ne, abin da ya wuce kamar 3.6 ya fi ƙarfin ƙafafunsa. Wallahi na san haka! Amma da na jona kai tsaye na ga lambobi suna fitowa daidai, sai na ce ai shi ke nan. To nan ne tarkon. A cikin bod ɗin akwai wani ɗan abu mai tsaron ƙafa, shi yake ta shanye rarar wutar a ɓoye, har ranar da ya gaji.

Maganin kuma, abin haushi, rizista biyu ne kacal. Daga ECHO ka sa mai om 1000 zuwa ƙafar bod. Daga wannan mahaɗar ka sa mai om 2000 zuwa GND. Wutar sai ta rabu, kashi biyu cikin uku ya isa ƙafar:

```
5 × 2000 / (1000 + 2000) = 3.33
```

Kar ka juya su fa. In ka juya, bolt 1.67 za ka samu, bod ɗin ba zai ɗauke shi a matsayin HIGH ba. Kuma kar ka ɗora mita a kan ECHO tana aiki ka ce za ka ga 3.3, siginar ƙiftawar ido ce. Ni sai na fara ba rizistocin tsayayyen bolt 5 in auna tsakiya, sannan in jona.

TRIG kuwa, ƙafar sensar da bod yake ba umarnin fara awo, ban taɓa ta ba, 3.3 ɗin da bod yake turawa ya ishe ta.

Af, kafin wani ya je ya yi wannan dabarar a I2C, hanyar da bod yake magana da wasu na'urori ta waya biyu, ya dawo yana zagina: can ba ta ci. Wayarta ta SDA magana take kaiwa tana kawowa, rizista biyu kuwa saukar da wuta kawai suka iya, ba sa ɗaga ta. Can sai ɗan bod mai BSS138, mai ɗaga wuta da saukar da ita, ka ba ƙafarsa ta HV bolt 5, ka ba ta LV bolt 3.3, ka haɗe GND ɗin kowa wuri guda.

Bari in mayar da ECHO wata ƙafar in canza lambarta a kod. Ku matso ku ga mitar, 3.3 ke nan.