Alkayin ɗaya, hanya biyu: sis ko tirans

Ku dubi wannan sinadari a allo: CH3CH2C≡CCH2CH3. Alkayin ne, ɗauri uku a tsakiya. So muke mu mayar da ɗaurin ya zama biyu, mu tsaya nan. Idan aka haɗa shi da H2 da faladiyam na yau da kullum, Pd/C, ba ya tsayawa, sai ya zarce har ɗauri ɗaya.

Shi ya sa Herbert Lindlar, a 1952, ya rage wa faladiyam kaifi da gangan. Ana shimfiɗa faladiyam a kan CaCO3, a sa gishirin dalma, sau da yawa a ƙara kwinolin. Sai ya zama yana kama ɗauri uku sosai, amma yana sanyin jiki da ɗauri biyu.

Abin da wannan hanya ke bayarwa shi ne sis, wato rassan biyu a gefe ɗaya na ɗauri biyun; tirans kuwa, kowane reshe a nasa gefen. To me ya sa ake samun sis? Domin a saman ƙarfen ake aikin. Haidirojin yana manne a can, alkayin ya kwanta a kai, sai H guda biyun su shiga ta gefe ɗaya. Rassan biyu kuwa, dole su tattaru a ɗaya gefen.

Amma fa faladiyam ɗin Lindlar ba ya hana ɓarna gaba ɗaya, jinkirta ta yake yi. Idan kuna da milimol 10 na alkayin, haidirojin da ya kamata ya sha kusan mililita 240 ne a zafin ɗaki. Da ya kai nan, a tsayar. Wanda ya bar shi ya kwana, zai iya tarar da wani kaso ya zarce.

Hanyar tirans kuma, babu H2 ko kaɗan a cikinta. Sodiyam ake narkarwa a ruwan amoniya, wanda sai an riƙe shi ƙasa da digiri 33 a ƙarƙashin sifili. Ruwan zai koma shuɗi, alamar ilektoron ne ke yawo a sake. Ilektoron ɗaya ya faɗa wa alkayin, amoniya ta ba da H. Ilektoron na biyu ya zo, amoniya ta sake ba da H. Tunda ɗaya bayan ɗaya suke shiga, kuma babu ƙarfen da ya danne shi, sinadarin yana samun sararin gyara zama kafin H na biyu. Rassan nan ba sa son cunkoso, sai kowane ya yi nasa gefen.

Wurin da ɗalibai ke yawan tuntuɓe shi ne alkayin mai ɗauri uku a ƙarshe, RC≡CH. Abin da wannan ke bayarwa ba shi da sis ko tirans. Kuma a cikin amoniya, NaNH2 da ke samuwa yana fizge H na ƙarshen, wani kaso ya ƙi juyawa.

Don tabbatar da abin da aka samu, a duba IR, wato gwajin hasken infrared. Tirans yana ba da alama mai ƙarfi wajen 965 cm⁻¹, sis ba ya ba da ita.