Yadin kujera a gidan yara da ƙura: gwada ƙyallen kafin a yanka

To jama'a salamu alaikum, barkanmu da warhaka, yau muna nan shago a Panteka, ku yi haƙuri da ƙarar injin yankan katako, maƙwabcina ne. Kai matso da wayar nan kusa da tebur, yawwa.

Jiya wata Hajiya ta zo da hoton kujera a waya, karammiski baƙi wuluk, wanda ake ce wa belbet ɗin nan, da maɓallai a jikin makarin baya. Na ce Hajiya yara nawa ne a gidan, ta ce uku, ƙaramin ma rarrafe yake yi. Na ce gidan a bakin titi yake? Ta ce eh, kuma titin ba kwalta. Na ce to ranki ya daɗe zan miki in kin matsa, amma daga watan 11 zuwa watan 2 in hunturu ya kankama sai kin fara jin haushina, don ƙurar nan fari-fari ce, a kan baƙi take fitowa raɗau, kuma kowane ramin maɓalli rumbun ƙura ne da ɓurɓushin biskit.

To ga ƙyalle huɗu na yanko, a'a biyar ne, ɗayan ya faɗi ƙasa. Duk inda za ku sayi yadi, nan Kaduna ne ko kun je Kano, ku roƙi a yanko muku ɗan ƙyalle kamar tafin hannu kafin ku biya kuɗin yadi 30. Wanda ya hana ku ƙyalle ni dai ba na komawa wurinsa.

Farko ka ɗaga shi sama ka kalli rana ta cikinsa. Kun ga wannan mai kama da lilin, haske na wucewa ta ƙananan ramuka, to inda haske ya bi nan ƙura za ta bi ta sauka cikin soso, shi ya sa wata kujerar in yaro ya yi tsalle a kai sai ka ga hayaƙi ya tashi bus. Wannan kuma maikurofaiba ne, wasu na ce masa suwed, duba, ko ɗigon haske babu, saƙar a matse take kuma akwai wani shafi a bayansa. Ƙurar a sama take tsayawa, tsumma mai ɗan laima ya ɗauke ta.

Sai ka sa farce ka karta. Wannan sinil ne, ga laushi ga kyau, amma kun ga zaren ya taso? Yaro da cokali mai yatsu ko motar wasa sai ya zaro miki shi zare-zare. Ka kuma samu farin hankici ka jiƙa ka goga da ƙarfi, in launi ya fito a hankicin to ranar suna fararen kayan baƙinki ne za su kwashe shi.

Yanzu ruwa. Bari in ɗiga. Kun ga a kan wannan na foliyesta ya dunƙule ya tsaya, a kan wancan ya shige nan take. Tsayawar nan ita ce ke ba uwa lokacin da za ta ruga ta ɗauko tawul in an zubar da kunu ko shayi. Amma kar in yaudare ku, foliyesta ruwa ne ba ya sha da wuri, maiƙo kam yana kama shi sosai. Don haka ku ɗiga manja a kan ƙyallen ma ku gani. In manja ya zuba a kujera kar a fara da ruwa, kar a dirza, a kwashe da cokali, a barbaɗa hoda ko garin sitaci ya tsotse, a bar shi kamar minti 20, a kakkaɓe, sannan ɗan sabulun wanke-wanke na ruwa, ana dangwalawa daga gefe zuwa tsakiya.

Wani zai ce to a sa leda mana a huta. Gaskiya leda ba abin da ya kai ta sauƙin gogewa, ƙura da fitsari duk tsumma ɗaya ne. Matsalarta ita ce wadda ta fi yawa a kasuwa roba ce aka shafa a kan yadi, zafin watan 3 da 4 ya dake ta, sai ta fara tsagewa a hannun kujera da bakin mazauni, yara kuma da sun ga ta ɗago sun samu aikin ɓarewa. Ga zufa in ba wuta. Ka lanƙwasa ƙyallen gida biyu ka matse, in layin ya yi fari ko ya nuna alamar tsaga, ajiye musu kayansu.

Launi kuwa, ku nemi wanda ya yi kusa da ƙurar kanta, ruwan ƙasa, ruwan toka mai ɗan duhu, ko mai ɗigo-ɗigo kala biyu a haɗe. Fari da ruwan madara a bar wa falon Alhaji da ake kullewa.

In yadin ya zo da takarda a jikin sampul ku duba, wani lokaci za ku ga an rubuta Martindale da lamba, wato sau nawa inji ya goge shi kafin ya fara cinyewa. Gidan yara ku nemi 25,000 zuwa sama. Harafin W yana nufin ana iya gogewa da ruwa, S kuma ba a sa masa ruwa sam, shi wannan ku guje shi.

To ga abin da ya taɓa ba ni wahala, ku saurara da kyau. Maikurofaiba da karammiski suna da kwanciyar gashi. Shafa hannu haka, ya yi haske, shafa baya, ya yi duhu. Lokacin ina sabon fara aikin kaina na yanka wa wani bawan Allah kushin uku, don in rage asarar yadi sai na juya ɗaya a kaikaice, da aka jera su a falo na tsakiyar ya fito kamar daga wani yadin daban, ya rantse na haɗa masa da ragowa, da kuɗina na sake. Don haka kafin almakashi ya taɓa yadi a juya bayansa a zana kibiya da alli a kan kowane yanki, gashin ya kwanta daga sama zuwa ƙasa a makari, daga baya zuwa gaba a mazauni, duka iri ɗaya. Wannan yana cin yadi, mai zaman mutum uku a yadi mai faɗin inci 54 ku ƙiyasta yadi 12 zuwa 15, ya danganta da girman hannu. Ku ƙara yadi 2 ku ajiye a gida, don in kun dawo bayan shekara da wuya a samu kalar daidai.

Ku kuma ce wa kafintanku kushin ya zama mai zif, a naɗe saman soson da yadin da ruwa ba ya ratsawa kafin a sa rigar, saman da gefe kawai, a bar ƙasan ya sha iska in ba haka ba zai riƙa huci in an zauna. Fitsari in ya shiga soso ya shiga kenan, sai dai a canza. Rigar kuma da ruwan sanyi ake wankewa, a shanya a inuwa, a mayar tun da sauran ɗan laima, ta fi shiga.

Hajiyar nan dai ta tafi da ƙyalle biyu, ta ce za ta ba yaran su yi kwana uku da su. Mai son irin wannan ruwan tokar akwai ragowar bandir ɗaya a shago, muna kuma canza wa tsohuwar kujera riga in katakon na da kyau. Kai kashe, ga mai kawo soso can ya iso.